Farin Ɓawo A Butar Lantarki

"Malam, butar lantarkina ta yi farin ɓawo a ciki, ta daina saurin tafasa. Ruwan rijiya muke zubawa. Me zan yi?" Uwargida daga Sabon Birni.

Hajiya, kwantar da hankalinki, butarki ba ta mutu ba. Ruwan rijiya da na burtsatse kan ɗauko sinadarin farar ƙasa. In ya tafasa, sinadarin sai ya daskare a gindin butar, daidai kan ƙarfen da ke ɗaukar zafi. Ɓawon nan yana tare zafi, sai ruwa ya jima bai tafasa ba, ƙarfen kuma ya yi ta ɗaukar zafi fiye da ƙarfinsa har ya ƙone. In butar tana kashe kanta kafin ruwa ya tafasa, ɓawon ya yi kauri ke nan.

Ki matse lemun tsami shida, ki tace, ki ƙara ruwa har ya rufe ɓawon. Ki tafasa, ki zare ta daga wuta, ki bar ta awa ɗaya. Ki zubar, ki ɗauraye, ki tafasa ruwa zalla ki zubar. In da saura, ki maimaita.

Don Allah kada ki kankare da wuƙa ko soson ƙarfe, kada ki tsoma butar cikin ruwa. Kanwa ba ta narkar da ɓawon, tsami yake so. Ki riƙa yi wata-wata, ki daina barin ruwa ya kwana a ciki.