Yadda ake tsara rahoton tantance labari: misalin ruwan gishirin Ebola

Da asubahin Juma'a, 8 ga Agusta 2014, wayoyi suka yi ta ƙara a faɗin Najeriya: a tashi a yi wanka da ruwan zafi da gishiri, a kuma sha, don kariya daga Ebola. A Legas abin ya fi kama jiki, domin nan Patrick Sawyer ya sauka da cutar daga Laberiya ranar 20 ga Yuli, ya mutu bayan kwana biyar. A ce kai ne za ka rubuta wa mutanen Agege rahoton tantancewa a wannan safiya.

Da da'awar ake farawa, kuma nan ne yawancin aikin yake. Ka kawo ta yadda ta zo, da ranar da ta ɓulla da hanyar da ta bi, ko saƙon waya ne ko kiran ɗan'uwa daga gida. Idan an jingina ta ga wani babba, ka nemi jin ta bakinsa kafin ka sa sunansa. Sannan ka warware ta, don saƙon ba magana ɗaya ba ce. Ya ce Ebola ta shigo Legas, ya ce wanka da gishiri yana kare mutum, ya ce shansa ma haka. Ta farko gaskiya ce, kuma ita ce ta ɗauko sauran biyun a bayanta. Wanda ya haɗa su ya ce "saƙon nan ƙarya ne", sai mai shago a Agege ya ce masa ai a rediyo ya ji cutar na gari, daga nan ya daina sauraronsa. Kowace da'awa da nata hukuncin.

Sai hujja. Ana jera ta ne daga mafi ƙarfi, kuma tambaya ɗaya take amsawa: gishiri yana hana kamuwa? Ka fara da yadda cutar take shiga jiki, wato ta taɓa jini ko amai ko bahayar mai ɗauke da ita, ko gawarsa, ta hanyar ido, baki, hanci ko rauni a fata. Wankan asuba ba ya toshe ko ɗaya daga cikin waɗannan ƙofofi. Bayan haka ka kawo matsayin hukuma da sunan mai magana: Ministan Lafiya na lokacin, Onyebuchi Chukwu, ya fito ya ƙaryata batun. Amma kada maganar minista ta zama ita kaɗai ce hujjarka, domin akwai masu karatun da da sun ji "gwamnati ta ce" sai su juya baya. Ka kira likita ya yi bayanin abin da gishiri mai yawa yake yi wa mai hawan jini ko ciwon ƙoda, ka faɗi sunansa da inda yake aiki, yadda mai shakka zai iya bin sawunka. Labarin cewa mutane sun mutu bayan sun sha kuwa, idan ba ka samu tabbaci daga asibiti ba, ka rubuta "rahotanni sun ce". Ba a kashe jita-jita da wata jita-jitar.

Hukunci jimla biyu ne ko uku, ba sabon bayani a ciki, ba ba'a ga waɗanda suka yi wankan, don wataƙila mahaifiyar mai karatun tana cikinsu. Misali: "Ebola tana Legas. Wanka da ruwan gishiri ba ya hana kamuwa da ita. Shansa ba ya karewa, yana ma iya illata mutum." Ka sa kwanan wata. A 2014 da an rubuta cewa babu rigakafin da aka amince da shi, da an yi daidai. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da na farko.

Daga nan sai alamar hukunci, kalma ɗaya ko biyu da ido zai fara cin karo da su. Gidajen tantancewa irin su Africa Check da Dubawa suna da jerin nasu a bayyane. Kai ma ka tsayar da naka, kada ka sauya masa ma'ana daga rahoto zuwa rahoto: Gaskiya, Ƙarya, Yaudara ga zancen da ke da gaskiya amma aka karkatar da shi, da Ba a Tabbatar Ba ga wanda hujja ba ta kai a yanke ba. Wannan ta ƙarshe ita ce mafakar mai jin tsoro, kuma ba ta dace da gishirin ba, tunda an san hanyar yaɗuwar cutar. Alamarsa Ƙarya ce.

Ko da yake a ƙarshe ake kai wa ga hukuncin, a sama ake ɗora shi, har cikin kanun labarin. Da yawa kanu kaɗai za su gani a waya kafin su tura. "Shin ruwan gishiri na maganin Ebola?" talla ce ga ƙaryar. Ka rubuta: "Ƙarya ne, ruwan gishiri ba ya kare mutum daga Ebola."