Yadda Ake Yanka Jimla Daidai da Numfashin Mai Karatu

Mai rubuta sanarwar rediyo ko bayanin da za a ɗora wa bidiyo da ƙirjin wani yake rubutu. Shi yana zaune da biro, wani ne zai tsaya gaban makirfo ya biya kuɗin kowace kalma da iskar huhunsa. Shi ya sa tsofaffin ma'aikatan gidan rediyo ba sa miƙa takarda sai sun karanta ta da baki, kuma da irin muryar da za a ɗauka.

Awon farko mai sauƙi ne. A karatun natsuwa ana fitar da kalma biyu zuwa uku a daƙiƙa, kuma numfashi ɗaya yana ɗaukar mutum daƙiƙa biyar ko shida ba tare da murya ta canza ba. Ke nan kalma 12 zuwa 15 ita ce iyakar abin da za ka ɗora masa kafin ka ba shi wurin shaƙa. Sai dai ka yi hattara da lamba. A takarda 2025 abu ɗaya ne, a baki kuwa "dubu biyu da ashirin da biyar" ne, gaɓa 11 cif. Rubuta ta da kalmomi tun farko don ka ga ainihin tsawonta.

Ga irin jimlar da ake kawowa ɗakin ɗaukar murya kullum: "Ƙungiyar manoman shinkafa ta wannan ƙaramar hukuma tana sanar da dukkan mambobinta da suka yi rajista a daminar bara cewa ba za a fara rabon takin zamani da aka shirya yi ranar Litinin mai zuwa a harabar sakatariya ba sai bayan an kammala tantance sunaye." Kalma 45 ce, wajen daƙiƙa 18, babu waƙafi ko ɗaya.

A nan gwaninta take, domin ba ko'ina ake yanka Hausa ba. Dubi "ba" ta farko da "ba" ta biyu: kalma 17 ce a tsakaninsu. Mai karatu zai shaƙi iska a wani wuri cikin wannan tazara ko yana so ko ba ya so, kuma wanda ya kunna rediyo a daidai wurin zai ji ana maganar taki da Litinin da sakatariya. Ita kuwa "ba" ta biyu, wadda za ta tabbatar masa an fasa, tana zuwa ne lokacin da iska ta ƙare. Ga shi kuma karin sautin Hausa gangarowa yake yi: kowane sauti na sama da ya biyo bayan na ƙasa yana ɗan sauka, har jimla mai tsawo ta ƙare a can gindin murya. Sai kalmar da ta fi kowace nauyi ta fito a shaƙe. Manomi ya hau babur ranar Litinin ya tafi karɓar takin da babu.

Gyaran shi ne a matso da "ba" biyun kusa da juna, su zauna cikin numfashi guda. Sannan a sa alama da biro: karan tsaye ɗaya don ɗan tsaiko, biyu don cikakken numfashi.

"Sanarwa ga manoman shinkafa / da suka yi rajista a daminar bara. // Ba za a raba taki ranar Litinin ba. // Sai an gama tantance sunaye / sannan a fara rabon. //"

Kalma 11, sai 8, sai 9. An ba saƙon jimla mafi gajarta, kuma ya zo bayan cikakken numfashi, lokacin da murya take sama. Kada dai a mai da duka jimloli tsawo ɗaya, don kunne yana gajiya da hakan. Gajera ta bi mai ɗan tsawo.

Akwai wuraren da alamar ba ta shiga. Ba a raba "rabon" da "taki", ba a raba "za a" da aikatau, ba a raba suna da "ne" ko "ce" ɗinsa. Wurin shaƙa mai kyau shi ne gaban "amma", "sai", "domin" da "sannan", inda mai magana da kansa yake tsayawa.

Yaran yanzu sukan ce ai za a goge numfashin a kwamfuta. Ana gogewa, amma na'ura ba ta mayar da ƙarfin kalmar da ta fito a shaƙe. Idan kana sauraron gwaji ka ji ƙarshen jimla yana dusashewa, ko mai karatu ya fara gudu a tsakiya, ko ka ga kafaɗunsa suna ɗagawa, kada ka ce masa ya sake. Karɓi takardar ka raba jimlar.