Yadda A Ke Karɓo Kayan Aro Ba Tare Da An Kunyata Mai Aro Ba

Hausa ta raba aro da rance, kuma a wurin rabuwar nan darasinmu ya ke farawa. Wanda ya ranci kwano biyu na gero, ba geron nan zai mayar ba, sai wani kamarsa. Amma wanda ya ari garma ko littafi, abin nan da kansa a ke jira ya dawo. Saboda haka mai rance ya kan fake da cewa hannunsa bai buɗe ba tukuna, kowa kuwa ya san talauci ba abin kunya ba ne. Mai aro ba shi da wannan mafaka. In an ce masa ina kaya, abin da kunnensa ya ke ji shi ne, ko ka manta, ko ka ɓata, ko ka yi niyyar riƙewa. Dabarar duka ita ce a nemi kayan ta hanyar da ba za ta tilasta masa ya amsa ɗaya daga cikin ukun nan a gaban mutane ba.

Mu da mu ka fara karatu a makarantar allo mun san malaman Malikiyya sun yi wa aro babi, suna kiransa ariya. Yana cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, mutumin Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, yana kuma cikin Muhtasar na Halil, mutumin Masar. Hukunci biyu daga ciki sun ishe mu a nan. Na fari, in an ba da aro zuwa wani lokaci, ko domin wani aiki, mai kaya ba shi da ikon karɓewa sai lokacin ya cika ko aikin ya ƙare. In ba a ambaci kome ba, sai a duba abin da al'ada ta saba ga irin kayan nan. Na biyu, kayan da a ke iya ɓoyewa, kamar littafi da garma da tufa, in sun salwanta a hannun mai aro, shi zai biya, sai fa in ya kawo shaidu cewa ba da sakacinsa ba ne. Amma abin da ba ya ɓoyuwa, kamar jaki ko sa, in ya mutu ba da ganganci ba, babu biya a kansa. Sanin wannan yana hana mu tambaya tun lokaci bai yi ba, yana kuma nuna mana abin da mai aro ya ke tsoro sa'ad da ya fara guje mana.

Bari mu ɗauki misali daga Fammar, a ƙasar Kibiya, kusa da Rano, inda damina ke sa kayan noma su yi ta yawo gida gida. A ce wani saurayi ya ba ƙanen uwarsa aron garma ranar Asabar cikin watan Yuli, domin ya yi huɗar gonar gyaɗa, aikin da bai fi kwana uku ba. Ga shi an yi kwana goma sha biyu, garma ba ta dawo ba, gonar saurayin kuwa ta isa huɗa, ruwa ya sauka, ƙasa ta yi laushi. Ya na da gaskiya ya nema, gama aikin da a ka yi aron dominsa ya wuce. Sauran yadda zai nema.

Mataki na fari shi ne zaɓen wuri da lokaci. Ba a dandali ba, ba a ƙofar masallaci mutane suna fitowa ba, ba kuma a gaban matan kawun da 'ya'yansa ba. Sai ya same shi a zaure da yamma sa'ad da ba baƙo, ko ya bi shi gona. Ya durƙusa ya gaishe shi sosai, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwa da yabanya. Kada ya sa maganar garma a bakin gaisuwa, domin kada a ce ita kaɗai ta kawo shi.

Mataki na biyu shi ne ya rataya maganar a kan bukatarsa, kada ya rataya ta a kan jinkirin kawu. Duba bambancin maganganun nan biyu. Ta ɗaya, "Kawu, har yanzu ba a kawo garmar nan ba." Ta biyu, "Kawu, jibi in Allah ya kai mu ina so in shiga huɗar gonar fadama. In an gama da garmar nan, sai in zo in ɗauka gobe bayan la'asar." Ta ɗaya ta ƙirga kwanakin da su ka wuce, ta mai da kawu mai laifi. Ta biyu ba ta waiwayi baya ba ko kaɗan. Ta ambaci abin da sunansa, ta faɗi dalili, ta yanka rana, sa'an nan ta ɗauke wa babba wahalar kawowa. Kalmar nan "in an gama" ƙofa ce, gama ta ba kawu damar ya ce sauran kunya kaɗan, ko da mantuwa ya yi. Lura kuma an ce "an gama", ba a ce "ka gama" ba, domin kada yatsa ya nuna kowa.

Amma fa dalilin ya zama na gaskiya. Wanda ya ce zai yi huɗa jibi, sa'an nan a ka ga garmar a jingine jikin rumbu mako guda, ya gaya wa kawunsa a fili cewa bai amince da shi ba. A ƙauye kowa ya san gonar kowa, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. In babu aiki a gabansa, ya isa ya ce yana so ya kai wa maƙeri kayan aikinsa a gyara, in dai lalle zai kai.

To, a ce ya je gobe, kawu ya ce a bari sai jibi, jibi ta yi, a ka aiko yaro ya ce ba ya nan. Nan ne a ke bukatar karanta alama. Wanda ya manta ya kan yi salati ya tashi nan take ya ɗauko. Wanda bai gama aiki ba ya kan faɗi abin da ya rage masa. Amma wanda ya ɗaga rana sau biyu bai faɗi dalili ba, ya kuma fara sauya hanya, galibi ɗayan biyu ne, ko garmar ta lalace, ko ya ba wani aro. Ƙara matsa masa a nan ba ya fito da garma, sai dai ya fito da ƙarya.

Mataki na uku, sai saurayin ya riga shi faɗin abin da ya ke jin nauyin faɗi. Ya ce, "Kawu, ƙotar nan da ma ta tsufa, in ta karye ba kome, a ba ni ruwan garmar in sa a yi mata sabuwa. In kuwa tana wurin wani, a gaya mini in biya in karɓo." Da wannan ya mai da ɓarna ta zama abin da a ke tsammani ga kayan aiki, ya kuma rage asararsa, gama ƙarfen ya fi ƙota tsada. In ta tabbata garmar ta ɓata ɗungum, hakkinsa ne a biya shi, kamar yadda mu ka gani. Ya na iya karɓa, ya na iya jira sai kaka, ya na iya yafewa. An ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ari sulkuna wurin Safwanu ɗan Umayya kafin yaƙin Hunaini a shekara ta 8 ta Hijira, watau 630, waɗansu su ka ɓata, ya nemi ya biya, Safwanu ya yafe. Abin da bai kamata ba shi ne a yafe da baki, a riƙa ba da labari a majalisa.

Akwai mutanen da ba a tunkararsu kai tsaye, kamar suruki, ko malamin da ya karantar da mutum. Nan sai a nemi ɗan aike, amma a zaɓa. Ƙaramin yaro ya kan tsaya a ƙofar zaure ya ɗaga murya ya ce an ce a ba da garma, duk unguwa ta ji, ya rushe abin da a ka gina. Gara a sami babba wanda ya ke sa'an mai aron, ko wanda wasa ya halatta tsakaninsu, kamar taubashi ko jika. Abin da ɗa ba ya iya faɗi, jika ya kan faɗa da dariya, kaya su fito ba wanda ya ji ciwo.

Littafi ya na da tasa wahala, domin mai aronsa ba ya cewa ya gama. Littattafan zaure da yawa warƙoƙi ne ba ɗinki, a cikin gafaka, warƙa ɗaya in ta fita babi ya gurgunce. In Malam ne ya ara, almajiri sai ya ce, "Allah ya gafarta Malam, mun kai babin ciniki, ina so in yi bita. In Malam bai gama ba, in ɗauka kwana biyu in dawo da shi." Sau da yawa Malam zai ce ɗauka ka riƙe. In ya karɓa, kada ya ƙirga warƙoƙi a gaban Malam. Sai ya koma gida ya bi kalmar nan da marubuta ke sawa a gindin shafi, wadda ita ce farkon shafi na gaba. Inda ba su dace ba, nan warƙa ta fita. Sa'an nan ya koma ya ce ko wata warƙa ta saura a cikin littattafan Malam.

Mafi yawan wahalar nan ranar ba da aro a ke shuka ta, sa'ad da mai kaya ya ce, "Haba, ɗauka, sai ka gama." Da ya ce, "Ɗauka, sai dai ranar Laraba zan shiga tawa gonar," da tambaya ba ta zama zargi ba, sai tuni. Mu da za mu riƙe aji, sai mu koya wa yara wannan da aiki. A ajiye littafi guda mai gida huɗu, sunan mai aro, da abin da ya ara, da ranar ɗauka, da ranar mayarwa, yaron ya rubuta da hannunsa. Ranar Alhamis a tuna wa aji duka gaba ɗaya, ba a kiran suna. Wanda bai kawo ba har Litinin, a tsai da shi bayan an tashi, a tambaye shi shi kaɗai. Sa'an nan a sa yara biyu biyu su gwada misalin garmar nan, ɗaya kawu, ɗaya ɗan 'yar'uwa, sauran su faɗi kalmar da ta buɗe ƙofa da wadda ta rufe ta.