Asid ɗin batir: ku fara da lita ɗaya

Ɗaliban Tanout da Belbédji, asid ɗin sulfurik da ake surkawa don batirin mota da na sola yakan zo da 98% bisa nauyi, kowace mililita gram 1.84. Ku ɗauki lita ɗaya: gram 1840 ke nan. A ciki asid gram 1803 ne, ruwa gram 37 kacal. Ku raba 1803 da 98, nauyin mol ɗaya na asid ɗin a gram, za ku samu mol 18.4 a lita ɗaya, wato molariti.

Molaliti kuwa da kilon ruwa ake rabawa, ba da litar haɗin ba: 18.4/0.037, kusan 500. Kada girmansa ya firgita ku, ruwan ne kaɗan. Ruwan mol 2 ne, saboda haka rabon mol na asid 18.4/20.4, wato 0.90.

Wajen surki, asid ake zubawa cikin ruwa, a hankali.