Amsoshin Tambayoyinku: "Gobe" a wajen wa?

Wata mai sauraronmu daga Kano ta ce ta rubuta wa abokin aikinta na Toronto cewa ya turo rahoto "gobe da ƙarfe 12", sai ga shi bai turo ba har dare. Tana tambaya, laifin wa?

To Malama, gaskiya laifin saƙonki ne. In kin aika da ƙarfe 1 na daren Talata wayewar Laraba, a Toronto Talatar ba ta ƙare ba, don haka gobenki daban, nasa daban. Ita kuma 12 ɗin, ta rana ce ko ta dare?

Ki riƙa rubutawa haka: Alhamis, 5 ga Maris, 14:00 agogon Najeriya, wato 08:00 agogon Toronto. Sunan watan ki rubuta shi da haruffa, domin 5/3 wani zai karanta 3 ga Mayu.

Sai kuma inda ake yawan tuntuɓe. Mu ba ma taɓa agogonmu, amma Toronto na matsar da nata gaba a Lahadi ta biyu ta Maris, tazarar awa 6 ta koma 5 har farkon Nuwamba. Lissafin da kika yi a Fabrairu ba zai yi miki aiki a Afrilu ba.