Yadda Za A Sa Wa Littafin Sito Mai Gadi

'Yan'uwa manoma, ƙungiyoyin gama kai da yawa sun bar rubuta lissafin sito a babban littafi, sun koma yi cikin kwamfuta da Excel. Amma kwamfuta ba ta san taki ba, ba ta kuma san wata ba. In akawu ya rubuta cewa an fid da buhu 5 ran 31 ga Fabrairu, sai ta karɓa, ba gardama. Darasinmu na wannan wata shi ne yadda ma'aji zai kafa doka a kowane gurbi, domin kwamfuta ta ƙi abin da ba shi yiwuwa tun akawu bai gama rubuta shi ba.

Mu ce littafinmu yana da layi huɗu na tsaye. A na kwanan wata ne, B na sunan kaya, C na faɗa ko kaya sun shigo ne ko sun fita, D kuwa na yawan buhuna. Layin farko na kwance na kan magana ne, lissafi ya soma daga na biyu. Dukan dokokin wuri ɗaya ake kafa su. Ka zaɓi guraben da kake so, ka danna Data a sama, sa'an nan Data Validation. Wani ɗan akwati zai buɗe, a ciki akwai wurin da aka rubuta Allow.

Mu fara da C, gama daga nan ne ɓarna ta kan taso. Dalilin da ya sa akawu ya kan rubuta -5 ba sakaci ba ne, so yake ya nuna cewa kaya sun fita. Wani akawun kuma ya rubuta 5 kawai, ya sa “an ba da” a gefe. Ran da aka zo haɗa jimla sai a rasa inda aka dosa. Saboda haka ka ba shi wata hanya ta faɗar haka. Zaɓi C2 zuwa C500, a Allow ka ɗauki List, a wurin Source ka rubuta:

```
Shiga,Fita
```

Daga yanzu duk gurbin da akawu ya taɓa a layin C, wata 'yar kibiya za ta fito a gefe, ya danna ya zaɓi ɗaya cikin biyun. Haka za ka yi wa B, sai dai gara ka jera sunayen kayan a wani shafi dabam, Urea, NPK, irin masara, ka nuna wa Source wurin da suke. Wannan zai hana a rubuta kaya ɗaya da suna iri uku.

Sai kwanan wata. Excel ba ta ajiye rana kamar yadda muke ganinta, lamba take ba kowace rana, ta soma da 1 ga Janairu 1900. Ranar da ba ta cikin kalanda ba ta da lamba. In an rubuta 31/2/2025, ko 29/2/2025 (gama 2025 ba ta da wannan rana, 2024 ce ke da ita), Excel ta kan ɗauke shi kamar rubutu kawai. Za ka gane haka in ka ga ya jingina ga hagun gurbin, alhali ranar gaskiya dama take jingina. Zaɓi A2 zuwa A500, a Allow ka ɗauki Date, ka bar between, ka cika Start date da End date haka:

```
=DATE(2025,1,1)
=TODAY()
```

Na farkon shi ne ranar da aka buɗe littafin, ka sa taku. Na biyun yana nufin yau, watau ba a rubuta fitar kayan da ba su fita ba tukuna. Amma ku lura, “yau” ɗin daga agogon kwamfutar ake ɗauko ta. In tsohuwar kwamfuta ce wadda agogonta ya koma baya, za ta ƙi kowace rana, har ta gaskiya. Duba agogon kafin ka zargi akawu.

Akwai kuskure guda da wannan doka ba ta kamawa. Kwamfutoci da yawa suna zuwa da tsarin Amirka, inda wata ke gaba da rana. Akawu ya rubuta 3/4/2025 yana nufin 3 ga Afrilu, kwamfuta ta ajiye 4 ga Maris. Rana ce ta gaskiya, ba ta wuce yau ba, don haka sai ta shige. Alamar ciwon ita ce, in ya rubuta 13/4/2025 sai a ƙi shi, domin babu wata na 13. Maganinsa a gyara tsarin ƙasa na kwamfutar, a kuma sa layin A ya riƙa nuna sunan wata da `dd-mmm-yyyy` a Format Cells, yadda akawu zai gani da idonsa.

Yanzu yawan buhuna. Hanya mai sauƙi ita ce Whole number, between, daga 1 zuwa 600. Wannan zai ƙi -5, ya ƙi sifiri, ya ƙi rabin buhu. Na sa 600 ne domin shi ne lodin tirela guda na buhu mai kilo 50. In sitonku bai taɓa karɓar fiye da 100 a tashi ɗaya ba, ku sa 100, sai ya kama wanda ya ƙara sifiri bisa kuskure. In kuna auna iri da kilo, Decimal za ku ɗauka.

Duk da haka lissafi yana iya faɗuwa ƙasa da sifiri ta bayan gida. Ga misali. An shigo da Urea buhu 40, an fid da 25, saura 15. Akawu ya rubuta an sake fid da 20. Lambar 20 ba ta da laifi, tana tsakanin 1 da 600, amma sito ba shi da su. Gurbi ɗaya doka ɗaya yake ɗauka, don haka sai mu haɗa duka wuri guda. Zaɓi D2 zuwa D500, ka ɗauki Custom a madadin Whole number, ka rubuta:

```
=AND(D2>=1,D2<=600,D2=INT(D2),SUMIFS($D$2:$D$500,$B$2:$B$500,B2,$C$2:$C$500,"Shiga")>=SUMIFS($D$2:$D$500,$B$2:$B$500,B2,$C$2:$C$500,"Fita"))
```

Tsawonsa kada ya ba ku tsoro. Abin da yake yi shi ne, ya haɗa dukan Urea da ta shiga, 40, ya haɗa dukan wadda ta fita har da sabuwar, 45, ya ga 40 ba ta kai 45 ba, ya ƙi. Sharaɗinsa ɗaya, akawu ya cika B da C kafin ya rubuta D, domin a lokacin rubuta D ne ake binciken.

Kada ka rufe akwatin ba ka leƙa Error Alert ba. A can ka tabbata Style yana kan Stop, gama Warning tambaya kawai yake yi, mai gaggawa ya danna Yes ya wuce. Ka rubuta saƙon da Hausa, kamar “Duba buhunan da suka rage, kuma kada ka sa alamar ɗebewa.”

Mai gadin nan hannun akawu kaɗai yake tsarewa. Bai duba abin da aka riga aka rubuta kafin a kafa shi. In kuma aka kwafo gurbi daga wani wuri aka manna, ya kan share dokar gurbin gaba ɗaya, shiru. Don haka a hana akawu mannawa a waɗannan layuka. Ƙarshen kowane wata ma'aji ya danna 'yar kibiyar da ke gefen Data Validation, ya zaɓi Circle Invalid Data, zai ga jan zobe a kan duk gurbin da ya karya dokarsa. Gurbin da dokarsa ta share ba zai sami zobe ba, sai ma'aji ya sake kafa dokar bisa dukan layin tukuna, kāna ya danna.