Yadda Ake Sauya Suna Bayan Aure Ba Tare da Takardu Sun Saɓa Ba

Babu dokar Nijeriya da ta tilasta wa mace ɗaukar sunan mijinta, kuma mata da yawa a ƙasar Hausa suna riƙe sunan mahaifinsu har ƙarshen rai. Idan kin zauna a kan naki, babu abin da za ki gyara. Idan kuwa kin yanke shawarar sauyawa, to ki bi abin daki-daki, domin kowane ofis yana dogara ne da abin da na gabansa ya rubuta.

Kafin ki taka ƙafa kotu, ki zauna ki rubuta sabon sunan harafi bayan harafi. A ce sunanki Maryam Sani, maigidanki kuma Muhammad Bello. Za ki zama Maryam Bello ne, ko Maryam Sani Bello, ko Maryam Muhammad Bello? Wanne ne zai shiga gurbin Surname a fom? Idan akwai Muhammad a ciki, ki tsayar da rubutu ɗaya, domin a wurin kwamfuta Muhammad da Mohammed mutum biyu ne. A nan mafi yawan wahalar take farawa. Ni dai shawarata ki bar sunan mahaifinki a tsakiya, saboda shi zai riƙa haɗa sababbin takardunki da na makaranta.

Daga nan sai Babbar Kotu, ta jiha ko ta tarayya, wajen kwamishinan rantsuwa. Ki tafi da takardar shaidar aure, da katin shaida, da ƙananan hotuna. Idan an ɗaura auren ba a ba ku takarda ba, ki fara neman ta a masallacin da aka ɗaura ko a kotun shari'a. Takardar rantsuwar, wadda ake kira afidabit, ta ƙunshi tsohon suna, da sabo, da cewa aure ne dalili, da jimlar da ke cewa duk takardunki na baya suna nan da ingancinsu. Ki karanta abin da mai bugawa ya buga kafin ki sa hannu, ki je da kanki, ki biya a karɓi rasit. Kada ki yarda da masu tare mutane a bakin ƙofa su ce za su kawo miki ita da hatimi.

Sai sanarwa a jarida ta ƙasa mai fitowa kullum, irin su Daily Trust. Ranar da ta fito ki sayi kwafi biyu ko uku, ki ajiye shafin ɗungurungum. Idan kika yanke ɗan gurbin sunanki kawai, kin zubar da sunan jaridar da kwanan wata, su ne kuwa shaidar.

Da takardun nan uku a hannu, hukumar NIMC ce farko, kafin banki, kafin komai. Lambar NIN ɗinki mai alƙaluma 11 ba ta canzawa, sunan da ke jikinta ake gyarawa, ta shafin gyaran bayanai na hukumar. Ki jira har a amince, ki fitar da sabon silip, ki ga sunan da idonki. Mai gaggawar da ta fara da banki takan wayi gari BVN na cewa Bello, NIN na cewa Sani, sai a ƙi buɗe mata sabon asusu ko a taƙaita wanda take da shi.

Bayan NIN sai BVN. A banki ɗaya ake gyara shi, amma dole ki bi sauran bankunanki ɗaya bayan ɗaya su gyara sunan asusu. Ma'aikaciya ta kai wa ofishinta takarda a daidai wannan lokaci, don kada sunan da ke jerin albashi ya saɓa da na asusu, sannan ta sanar da kamfanin fanshonta da na inshorar lafiya.

Fasfo yana buƙatar lissafi. Hukumar shige da fice tana ɗauko bayananki daga NIN, kuma sabon littafi za a ba ki. Idan kina da biza mai rai, ko tikiti, ko kin biya kujerar Hajji da tsohon suna, ki dakata da sauyin gaba ɗaya har ki dawo, domin sunan tikiti dole ya dace da na fasfo. Lasin tuƙi da layin waya sai su biyo baya. Katin zaɓe kuwa sai lokacin da INEC ta buɗe rajista.

Takardun WAEC da NECO da digiri za su ci gaba da ɗauke da Maryam Sani, ba a sake buga su saboda aure. Duk inda kika miƙa su, ki haɗa da kwafin afidabit da na jaridar, ki riƙe na ainihin a gida.